Amsata ta fi ta ƙawata kusa da daidai, amma ta fi ni maki

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu, ina karanta akanta. A tes ɗin da muka yi an ba mu wannan tambaya mai maki 20. Wani kamfani zai sayi injin casar shinkafa a kan naira 10,000,000. Bayan an cire kuɗin gudanarwa, injin zai kawo 2,000,000 a ƙarshen shekarar farko, 3,500,000 a ta biyu, 4,000,000 a ta uku, 3,000,000 a ta huɗu, 1,500,000 a ta biyar. A ƙarshen shekara ta biyar za a sayar da shi a kan 2,000,000. Kamfanin yana son ribar kashi 15 cikin 100 a shekara, kuma babu maganar haraji. Aka ce mu nemo lokacin da jari zai dawo, mu nemo NPV, wato darajar duk kuɗin da injin zai kawo idan aka auna shi da kuɗin yau aka cire kuɗin saye, sannan mu ba da shawara.

Ni na haɗa kuɗin shekaru biyar ɗin, 14,000,000, na raba biyar ya ba ni 2,800,000. Da shi na samu cewa jari zai dawo a shekara 3.57. Na ninka shi da 3.3522, na ƙara 2,000,000 na sayar da inji, na cire 10,000,000, na samu 1,386,160. Ƙawata ta cire 2,000,000 daga kuɗin saye tun farko, ta samu 1,476,750. Malaminmu ya rubuta 471,150 a allo ba tare da bayani ba. Duk mun ce a sayi injin, kuma amsata ta fi tata kusa, amma ita 13 ya ba ta, ni 5. Shin ba zalunci ba ne? In kai ƙara? Saura mako uku jarrabawa.

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki kai ƙara. Na zauna na yi lissafin da kaina, kuma da takardunku a hannuna suke, da wuya rabon makina ya yi nisa da na malaminku. Ƙawarki kuskure ɗaya ta yi. Ke biyu kika yi, ɗaya ya ja amsarki sama, ɗaya ya ja ta ƙasa, shi ya sa kika ga kamar kin fi ta kusa. Na san maganar ba za ta yi miki daɗi ba, amma ki ɗauko biro da kalkuleta mu bi tambayar tare, za ki ga wurin da ƙafarki ta zame da idonki.

Kafin ki taɓa kalkuleta a irin wannan tambaya, ki ja layi a takarda, ki yi masa alamomi shida, daga 0 zuwa 5. Sifili shi ne yau, ranar da aka biya kuɗin inji. A ƙarƙashinsa ki rubuta 10,000,000 da alamar ragi, domin fita ya yi. A ƙarƙashin 1 zuwa 5 ki rubuta abin da kowace shekara ta kawo. Sai ki tambayi kanki: yaushe ne kuɗin sayar da tsohon injin, wanda kuke kira salbej a aji, zai shiga aljihun kamfani? Tambayar ta riga ta faɗa: ƙarshen shekara ta biyar. To nan ne mazauninsa, a ƙarƙashin 5, kusa da 1,500,000. Wannan layin minti ɗaya yake ci, kuma da ku biyun kun ja shi, babu wadda za ta kai kuɗin nan wani wurin da ba nasa ba.

Mu fara da mai sauƙi, lokacin dawowar jari. A nan ana tara kuɗin ne shekara bayan shekara har su cika abin da aka kashe. Ƙarshen shekarar farko an samu 2,000,000. Ƙarshen ta biyu an tara 5,500,000. Ƙarshen ta uku 9,500,000. Saura 500,000 ke nan, kuma shekara ta huɗu tana kawo 3,000,000, wato kashi ɗaya cikin shida na shekarar ya isa. Ɗaya cikin shida na wata goma sha biyu wata biyu ne. Amsa: shekara 3 da wata 2, ko 3.17. Ki lura, kuɗin sayar da inji bai shiga nan ba ko kaɗan, domin jari ya riga ya dawo tun kafin a kai ga sayarwa. Dabarar da kika yi ta raba jari da kuɗin shekara ɗaya tana aiki ne kawai idan kowace shekara abu ɗaya take kawowa. Tun daga nan makinki ya fara zubewa.

Sai babbar tambayar. Duk lissafin NPV a kan abu ɗaya ya ginu: nairar da za ki karɓa baɗi ba ta kai nairar da ke hannunki yau ba, saboda ta yau za ki iya juya ta ta haihu. Idan kuɗi yana kawo kashi 15 a shekara, naira 100 ta yau za ta zama 115 baɗi. Idan aka juya maganar, naira 115 ta baɗi daidai take da 100 ta yau. Don haka kuɗin baɗi ana raba shi da 1.15 sau ɗaya, na shekara ta biyu sau biyu, har zuwa na shekara ta biyar da ake rabawa sau biyar. Lambobin da ke cikin teburin da ake raba muku a ɗakin jarrabawa daga nan suka fito:

```
1 / (1 + r)^n
```

Inda r yake 0.15, n kuma lambar shekara. Za ki samu 0.8696, 0.7561, 0.6575, 0.5718 da 0.4972. Kowace shekara da nata ma'auni, kuma kuɗin kowace shekara da ma'auninta ake ninka shi:

```
1:  2,000,000 × 0.8696 = 1,739,200
2:  3,500,000 × 0.7561 = 2,646,350
3:  4,000,000 × 0.6575 = 2,630,000
4:  3,000,000 × 0.5718 = 1,715,400
5:  1,500,000 × 0.4972 =   745,800
```

Jimlar waɗannan biyar 9,476,750 ce. Ki ɗan tsaya a nan ki dubi wannan lamba da kyau. Aikin injin na shekara biyar cur, idan aka auna shi da kuɗin yau, bai kai 10,000,000 da aka saye shi ba. Akwai giɓin 523,250. Da tambayar a nan ta tsaya, shawara ita ce kada a saya.

Yanzu kuɗin sayar da inji. Shi ma kuɗin shekara ta biyar ne, don haka ma'aunin shekara ta biyar zai hau kansa: 2,000,000 sau 0.4972 ya ba da 994,400. A haɗa da 9,476,750, an samu 10,471,150. A cire 10,000,000 na saye, wanda ba a rage masa komai tunda yau aka biya shi, sai ya rage 471,150. Ita ce lambar da malaminku ya rubuta a allo. Tunda ta fi sifili, a sayi injin.

Kin ga abin da mai tambayar ya shirya? Ya tsara lambobin yadda kuɗin sayar da tsohon inji ne kaɗai ke juya hukunci daga a'a zuwa i. Nan ne tarkon, kuma a nan ne maki ya fi taruwa. Wanda ya manta da shi zai ce kada a saya. Wanda ya sa shi ba tare da ya rage masa daraja ba zai ce a saya, amma da ribar da ta ninka ta gaskiya fiye da sau uku.

To bari mu koma kan takardarki. Kuskurenki na farko shi ne ɗaukar matsakaici. Lambar nan 3.3522 ba wata aba ba ce illa jimlar ma'aunai biyar ɗin can. Ki haɗa su ki gani. An tanade ta ne domin sauƙaƙa aiki idan kuɗi iri ɗaya ne ke shigowa kowace shekara, kamar kuɗin hayar shago da ba ya canjawa. Da kika mayar da kuɗin nan biyar 2,800,000 kowanne, kin shafe bayanin da ya fi komai muhimmanci a tambayar, wato wace shekara ce ta kawo nawa. Ya ba ki 9,386,160 maimakon 9,476,750, kin rage 90,590.

Za ki iya cewa ai bambancin ba shi da yawa. A wannan tambayar haka ne, domin manyan kuɗin a tsakiya suka faɗo, sai kuskuren ya ɓuya. Amma gwada wannan. Ki ɗauki kuɗin nan guda biyar, ba tare da kin ƙara ko kin rage ko kwabo ba, ki jera su daga ƙarami zuwa babba: 1,500,000 a shekarar farko, sai 2,000,000, sai 3,000,000, sai 3,500,000, sai 4,000,000 a ta biyar. Jimla tana nan 14,000,000, matsakaici yana nan 2,800,000, don haka hanyarki za ta sake ba ki amsar da ta ba ki ɗazu. Amma idan kika ninka kowanne da ma'auninsa, jimlar za ta sauko zuwa 8,779,200. Ki ƙara 994,400 na sayar da inji, 9,773,600 ke nan, ƙasa da kuɗin saye da 226,400. Injin da ɗazu aka ce a saya, yanzu asara ne. Ba abin da ya canja sai jerin shekaru, kuma hanyarki makauniya ce ga wannan canji. Malamin da ya ga an yi matsakaici a tambayar da aka ba da kuɗi mabambanta da gangan, abin da yake karantawa shi ne ɗalibin bai gane dalilin tambayar ba.

Kuskurenki na biyu shi ne babba. Kin ƙara 2,000,000 cif, kamar yau za a ƙirga wa kamfanin su. Kuɗin da sai an jira shekara biyar, darajarsa ta yau 994,400 ce, ƙasa da rabi. Nan kin ƙara 1,005,600 da babu su. Haɗa kurakuran biyu ki ga yadda amsarki ta fito: 471,150, a cire 90,590, a ƙara 1,005,600, ya ba da 1,386,160 daidai wa daida.

Ita kuwa ƙawarki, daga lambar da ta samu na gane ta jera teburinta daidai, ta samu 9,476,750, sannan ta cire 8,000,000. Cire kuɗin sayarwa daga kuɗin saye daidai yake da cewa an karɓe shi ranar da aka sayi inji, wato shi ne kuskurenki na biyu sanye da wata riga. Tazararta da amsar gaskiya 1,005,600 ce, taki 915,010. Kin fi ta kusa ne kawai saboda kuskurenki na farko ya ɗan goge wani ɓangare na na biyu. A tambayar lissafi irin wannan, yawancin maki a matakai yake: ma'aunai, ninkawar kowace shekara, mazaunin kuɗin sayarwa, jimla, sannan hukunci. Ita ta taka mafi yawan matakan. Kalmar "a saya" kuwa, ko wanda bai yi lissafi ba yana da rabin damar cankarta.

Na san inda ƙawar taki ta samo wannan cirewa, domin kusan duk ɗalibin akanta ya taɓa faɗawa ramin. A darasin faɗuwar darajar kadara an koya muku ku cire kuɗin sayarwa daga kuɗin saye ku raba da shekaru: 8,000,000 a raba biyar, 1,600,000 duk shekara. Wannan daidai ne a wurinsa, wato littafin akanta, inda ake rarraba tsadar inji a kan shekarun da ya yi aiki. Amma 1,600,000 ɗin nan ba kuɗi ba ne da ke fita daga aljihun kowa; rubutu ne a littafi. Shi kuwa NPV ba ya kallon komai sai tsabar kuɗi da ranar da ta motsa. Darussa biyu ne masu amfani da kalma ɗaya, kuma hannu yakan riga kai zuwa wanda ya saba.

Akwai rami na uku da ba ku faɗa ba, amma ki san da shi. Wasu sukan ce ai sai an gama shekara ta biyar ake sayar da inji, don haka su kai kuɗin shekara ta shida, su ninka da 0.4323, su samu 864,600, amsarsu ta zama 341,350. Ƙarshen shekara ta biyar shi ne alamar 5 a layinki. Injin da ya gama aiki ranar ƙarshe ta shekara ta biyar aka sayar da shi, bai ƙara kwana 365 a ajiye ba. Idan kin ga dama ma ki haɗa 1,500,000 da 2,000,000 su zama 3,500,000 ki ninka sau ɗaya, amsa ɗaya ce. Ni dai na fi son ɗalibi ya ba kuɗin sayarwa layinsa daban, domin mai duba takarda ya gan shi ƙarara, kuma idan an yi kuskuren ninkawa a ɗaya, makin ɗayan ya tsira.

Yanzu bari in ba ki abin da nake ganin ya fi duk na baya amfani, wato yadda za ki tabbatar da amsarki da kanki a ɗakin jarrabawa ba tare da tebur ba. Ki ɗauka injin ne ake bi bashin 10,000,000, kuma duk shekara abin da ya rage a kansa yana ƙaruwa da kashi 15, sannan ya biya abin da ya samo. A ƙarshen shekarar farko 10,000,000 ta zama 11,500,000, ya biya 2,000,000, saura 9,500,000. A ta biyu wannan ta zama 10,925,000, ya biya 3,500,000, saura 7,425,000. A ta uku ta zama 8,538,750, ya biya 4,000,000, saura 4,538,750. A ta huɗu ta zama 5,219,563, ya biya 3,000,000, saura 2,219,563. A ta biyar ta zama 2,552,497, ya biya 1,500,000, saura 1,052,497.

Wato bayan shekara biyar yana casar shinkafa, ana bin injin nan 1,052,497. Sai aka sayar da shi 2,000,000, aka biya wannan saura, aka tsira da 947,503 a hannu. Wannan kuɗin ƙarshen shekara ta biyar ne. Ki ninka shi da 0.4972 ki dawo da shi yau, za ki samu wajen 471,100. Hanya daban, ta kai ki gida ɗaya. Ɗan bambancin naira hamsin da za ki gani daga taƙaita ma'aunai zuwa lambobi huɗu ya fito. Idan da kalkuleta kika yi komai ba tare da taƙaitawa ba, 471,077 za ki samu, kuma ba malamin da zai rage miki maki a kan wannan muddin ya ga hanyarki.

Wannan gwajin yana da wata kyauta a cikinsa. Lambar nan 1,052,497 ita ce mafi ƙarancin farashin da za a sayar da tsohon injin kamfani ya tashi ba riba ba asara. Malamai suna son wannan tambaya a matsayin kashi na ƙarshe, kuma ta hanyar tebur ana samunta ne da raba giɓin 523,250 da 0.4972, ya ba da wajen 1,052,400. Idan ta fito a jarrabawarku, kin riga kin san ta ta hanya biyu.

Wata ɗaliba ta taɓa ce mini ita duk lissafin nan yana damunta saboda yana mata kama da kuɗin ruwa. Na kawo misalin bashi ne don sauƙin ganewa kawai. Kashi 15 ɗin nan ma'auni ne na abin da kuɗin zai iya samowa da an sa shi a wata harka, ko da sayen shanu ne ko ajiye hatsi. Mai kuɗinsa na kansa, wanda bai ranci ko sisi ba, shi ma dole ya tambayi kansa ko injin ya fi waccan harkar. Ma'anar 471,150 ke nan: bayan injin ya mayar da jari, ya kuma biya ribar kashi 15 da ake iya samu a wani wuri, ga abin da ya ɗora a kai, da kuɗin yau. Ɗalibai da yawa suna rubuta cewa ita ce duk ribar da kamfani zai ci a shekara biyar, kuma wannan ba daidai ba ne.

Wannan ya kawo mu ga kashi na uku, shawara, wanda ɗalibai ke rubuta wa kalma biyu su wuce. Idan kina son cikakken maki, ki rubuta jimloli uku ko huɗu. Ki ce a saya domin NPV ta fi sifili da 471,150. Ki ce jari zai dawo a shekara 3 da wata 2, cikin rayuwar injin. Sannan ki ƙara abin da lissafinki ya nuna: hukuncin ya rataya ne a kan farashin sayar da tsohon inji, kuma idan ya gaza kimanin 1,052,000 harkar ta zama asara. Wannan ba ado ba ne. A cikin duk lambobin tambayar, kuɗin sayarwa ne ya fi nisa kuma ya fi zama hasashe. Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san akwai tazara mai nisa tsakanin injin da aka saya don a ci gaba da aiki da shi da wanda aka ɗora a sikeli aka saya a matsayin ƙarfe. Abin kwantar da hankali a tambayarku shi ne farashin zai iya faɗuwa kusan rabi kafin hukunci ya juya.

Tunda jarrabawa ta matso, ki sa ran malaminku zai ɗan murɗa tambayar. Murɗawar da aka fi yi ita ce a ce kwance injin da ɗaukarsa zai ci, misali, 300,000. Sai ki cire shi daga kuɗin sayarwa tukuna, domin rana ɗaya suka faɗo: saura 1,700,000, sau 0.4972 ya ba da 845,240, NPV ta koma 321,990. Wata kuma a ce an zuba kuɗin juyawa a farko, na sayen shanshera da buhuna, wanda zai dawo idan an rufe harka. Wannan fita ne a alamar 0, shiga ne a alamar 5, kuma shi ma 0.4972 ke hawa kansa idan ya dawo. Idan aka shigo da haraji ne kaɗai faɗuwar daraja ke samun ƙofar shiga, domin tana rage harajin da za a biya, kuma a lokacin sai an kwatanta farashin sayarwa da darajar da ta rage wa injin a littafi. Taku ta ce babu haraji, don haka ba ruwanki da wannan a yanzu.

Idan kina gwaji a kwamfuta, ki kula da abu ɗaya a Excel. Umarnin NPV yana ɗaukar lambar farko da kika ba shi a matsayin kuɗin ƙarshen shekarar farko, don haka kada ki sa kuɗin saye a cikinsa. Ki jera kuɗin shekaru biyar daga B2 zuwa B6, na ƙarshe ya zama 3,500,000, ki rubuta:

```
=NPV(15%,B2:B6)-10000000
```

Zai ba ki 471,077. Idan kika cusa kuɗin sayen a cikin baka, zai tura komai gaba da shekara ɗaya, amsa ta ragu zuwa wajen 409,600.

Game da malamin naku, abu ɗaya ne na ga kina da haƙƙin nema: rubuta amsa a allo ba tare da nuna hanya ba bai wadatar ba, kuma da ya warware ta a aji da ba ki kwana da wannan haushi ba. Amma maganinsa ba ofishin shugaban sashe ba ne. Ki sake yin tambayar a sabuwar takarda, da layinki da teburinki da gwajin bashin nan, ki je ofishinsa a lokacin da yake ganin ɗalibai, ki gaishe shi, ki ce kin gano inda kika kuskure kina son ya duba ko yanzu ta yi. Ki tafi da ƙawarki, ita ma tana da 1,005,600 da za ta mayar. Kafin ku je, kowaccenku ta yi tambayar da na juya wa jerin shekaru ita kaɗai, ba tare da duba wannan shafi ba, ku ga ko za ku haɗu a kan asarar 226,400.